Littafin da Japhet Ya Sayo wa Alice

A shekarar 1956 Alice ta gama ajin Yaƙi da Jahilci a Zuru, tana da 'ya'ya huɗu, furfura ta soma leƙo mata. Aka ba ta takardar shaida, aka sallame ta da ɗan littafin koyo mai shafi kaɗan. Kafin damina ta sauka ta haddace shi. Daga nan ta koma karanta duk abin da idonta ya faɗa a kai, gwangwanin madara, buhun gishiri, har tsohuwar jaridar da aka ƙunso mata ƙosai a ciki.

Mijinta Japhet tsohon soja ne, yanzu noman dawa yake yi. Shi bai iya karatu ba, amma ya iya kallon matarsa. Wata rana ya tarar da ita ta yi tagumi a bakin murhu.

"Maigida," in ji ta, "jiya na tsaya a kan wata kalma kamar ban taɓa ganinta ba. Tsoro nake ji abin nan ya gudu."

Kantin littattafai kuwa sai an yi doguwar tafiya a mota. Ranar kasuwa Japhet ya ga wani baƙon ɗan koli ya baza madubai da allurai, a gefe ga littafi mai kauri, bangonsa kore. Bai yi dogon ciniki ba. Ya saka shi cikin riga, ya dawo gida yana taku irin na fareti.

Alice ta wanke hannu kafin ta karɓa. Ta shinshina shi, ta yi dariya, ta buɗe. Sai dariyar ta tsaya. A cikin bango akwai hatimi, ƙarƙashinsa an rubuta da tawada. Ta bi da yatsa a hankali: "Na ɗakin karatu ne. Ba na sayarwa ba."

"Wane ɗaki?" in ji Japhet.

"Ban sani ba. Amma yana da masu shi."

Kunya ta kama shi, har ya kasa dubanta. Ita kuwa ta rufe littafin, ta naɗe shi a sabon ɗankwalinta, ko layi ɗaya ba ta ƙara karantawa ba.

Washegari suka yi ta tambaya har aka nuna musu wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano kusa da ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Sau nawa Japhet ya wuce ta nan yana zaton wurin ma'aikata ne kawai. A ciki akwai benci biyu, tebur, da kabad ɗaya. Mai kula da wurin, Malam Lukuman, ya karɓi littafin yana jujjuya shi.

"Ikon Allah! Tun bara muke nemansa. Saje, a ina ka same shi?"

Japhet ya faɗa masa komai, bai rage ba.

"To wa ya gane namu ne?"

"Ita," ya nuna Alice da ta rakuɓe a bakin ƙofa. "Ita ce mai karatun gidanmu."

"Shigo mana, Inna. Ai ɗakin na kowa ne."

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Malam Lukuman ya yi musu bayani: zama a karanta kyauta ne, wanda aka sani kuma yana rubuta sunansa ya tafi da littafi gida, ya dawo da shi bayan mako biyu. Ya buɗe wani akwatin katako cike da littattafai, ya ce daga babban ɗakin karatu na Kaduna ake aiko shi, in an gama a mayar a kawo wani, sai dai yawancinsu na Turanci ne. Na Hausa daga Zariya suke zuwa, ƙanana, masu araha, kuma in motar masu sayar da su ta biyo zai aika a gaya mata.

"Mata suna zuwa?" ta tambaya.

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ba su fara ba tukuna."

Ya tura mata rajista da alƙalami. Ta daɗe a kan harafin farko. Japhet ya tsaya a bayanta ya ƙame, kamar ana duba sahu. Da ta gama, Malam Lukuman ya busa tawadar, ya tambaye ta wanne take so.

Ta dubi koren. "Wannan ɗin. Maigidana ne ya zaɓa."

Ba ta iya haƙuri sun kai gida ba. Suna barin harabar ta buɗe shafin farko, tana tafe tana motsa leɓe. Garken shanu ya ɓullo daga kwana, ba ta ma gani ba. Japhet ya riƙo gwiwar hannunta, ya janye ta gefen hanya, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗaga murya kaɗan," ya ce. "Ni ma ina ji."