Gurbin Wurno a Taswirar Adawiyya

Shafi arba'in da ɗoriya Adawiyya Siddiq ta rubuta a babi na biyu na kundin digirinta na biyu, babin bitar ayyukan da suka gabata. Malamarta mai duba aikin, Dakta Rahama, ta juya shi sama-sama ta maido mata, ta ce babu wanda zai zauna ya saurari wannan tuli ranar kare kudurin bincike. A matse shi ya koma shafi ɗaya da za a haska a majigi, taswirar da duk wanda ya ɗaga ido zai ga inda aka yi aiki da inda aka bari.

Shi ya sa ta baro Sakkwato ta taho gida Magarya, a ƙaramar hukumar Wurno, ta shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ta ja layuka a bayan wata tsohuwar kalanda kafin ta shigar a kwamfuta. A sama ta jera wurare uku: Goronyo, Wurno, Rabah. A gefe ta jera batutuwan da masu bincike suka taɓa game da ambaliyar gulbin Rima, asarar amfanin gona, cututtukan bayan ruwa, ƙaura da sake matsuguni, sai na ƙarshe wanda shi ne nata, yadda labarin za a saki ruwa daga madatsar Goronyo ke isa ga mutanen da ke ƙasa da ita. Duk maƙalar da ta karanta sai ta nemo mata gurbi, ta sa sunan marubuci da shekara, da irin hanyar da ya bi, da abin da bai kai gare shi ba.

Gurbin Goronyo ya cika har ya yi ambaliya shi ma. Malaman jami'a suna son Goronyo, akwai kwalta, akwai kifi, ana iya zuwa a dawo a yini. Na asarar albasa da shinkafa kuwa kowa ya zuba hannu. Da ta sauko layin ƙarshe, inda labarin gargaɗi ya haɗu da Wurno, sai ga wuri fari tas.

Ta ɗauki hoto ta tura wa Dakta Rahama. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Wanga shi na aikinki, Adawiyya," in ji Dakta. "Amma ki ji ni. Gurbi ba ya zama giɓi don kawai shina fanko. Ranar kare kudurin za ki tsaya ki ce kin nema, ga inda kinka nema, ba ki samu ba. Kin tabbata babu kowa nan?"

"Na duba, Dakta," ta ce, ta kashe wayar.

Ta duba ɗin, ba ƙarya ta yi ba. A yanar gizo babu komai, a ɗakin karatu na jami'a babu. Sai dai akwai wani littafi mai koren bango a cikin adakar mahaifiyarta, tarin maƙalun wani ƙaramin taro da aka yi a wata kwaleji, wanda aka buga 'yan kwafi aka raba wa mahalarta. A cikinsa akwai shafi tara na L. S. Magarya. Yaya Lawwali ke nan, wanta, wanda ya fara wannan bincike a wannan gari, ya gabatar da somin-taɓinsa, sannan mota ta kife da su kusa da Achida yana kan hanyar komawa makaranta, shekara biyar ke nan.

A cikin shafi arba'in ɗin ba ta sa shi ba. Ta gwada sau da yawa. Tsarin rubutun jami'a ba ya da wurin "marigayi", ba ya da wurin "Allah Ya jiƙansa", suna ne tsirara da shekara a cikin baka biyu, kuma duk lokacin da ta buga sai ta goge. A dogon rubutu rashinsa bai nuna ba, kalmomi sun rufe. Taswira kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Farin gurbin nan magana yake yi da ƙarfi, yana cewa ba wanda ya taɓa tambayar mutanen Wurno wannan tambaya, ita kuma ta san wanda ya tambaya, ta san har takalmin da ya sa.

In ta sa shi, gurbin ya cike, kwamiti na iya cewa an riga an yi aikin, ta je ta nemo wani batu, shekara guda ta tafi a banza. In ta bar shi, ba mai kamawa. Dakta Rahama tana ƙasar waje karatu lokacin taron, kuma Adawiyya da sunan mahaifinsu take amfani, shi da sunan gari. Za ta tsaya gaban mutane ta share shi da bakinta, a tafa mata.

Tun ranar ta fara jin sa. Ba gani ba, ba ta ga kowa ba. Amma duk sanda ta buɗe kwamfutar da hantsi sai ta ji kamar an sunkuyo ta kafaɗarta ta dama, yadda yake yi tana sakandare in tana lissafi, yana huci a hankali yana jiran ta yi kuskure ya yi mata dariya. Ta kan waiwaya ta ga bangon laka da igiyar shanya. Tsoro take ji, kuma gaskiya tana jin daɗi, don ta daɗe ba ta ji shi kusa haka ba.

Rana ta uku ta kasa daurewa. Ta sami mahaifiyarta, Inna Kulu, tana tsince wake a faifai, ta ce a ba ta makullin adaka. Ta zauna nan kusa ta karanta shafi taran daga farko har ƙarshe, karatun da ba ta taɓa yi musu ba, na mai neman inda aiki ya gaza. Ya gaza kuwa. Ƙauye ɗaya ya yi, damina ɗaya. Magidanta maza kaɗai ya tambaya, a zauruka da ƙofar masallaci, da takardar tambayoyi ta eh ko a'a. Daga nan ya yanke cewa labarin sakin ruwa yana isa ga mafi yawan gidaje a kan lokaci.

"Mi kike rubutawa ga littahin yayanki?" Inna ta tambaya.

"Ba ga littahin ba, Inna. Nan nika rubuta abin da yay yi, nan kuma abin da bai yi ba."

Inna ta tsayar da hannu cikin waken. "Abin da bai yi ba? Mamaci za ki lissahwa ma kasawa, ki kai gaban mutane su kallo?"

"Haka aka yi ma kowa, Inna. In ban yi mai ba, sai dai in hidda shi ɗungum, in ce bai taɓa yin komi ba."

Kaza ta zo ta saci wake, tsohuwar ba ta kore ta ba. Can ta ce, "Mi na bai yi ba?"

"Bai tambayi mata ba."

Inna ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ina zai shiga? Namiji baligi, gidan mutane? Ko ni da nih haihe shi bai tambaya ba. Ya zaunar da babanku zaure har la'asar, ina bayan zana ina ji. Babanku shina cewa eh, an yi shela kasuwa, mun ji. Su sun ji. Shekarar da ruwa yac ci rumbunmu babanku na Rabah wurin biki, ni sai da nig ga tukunya na yawo tsakar gida." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Rubuta. Amma ki hwara da abin da yay yi."

Adawiyya ta sa sunansa a gurbin. Sannan ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, ta koma kan kowace maƙala a taswirar ta duba wa aka tambaya. Ta raba kowane gurbi biyu, maza da mata. Aikin ya ci mata sauran makon, ya kuma sa ta sake neman mujallu da sababbin kalmomi, kada ta sake cewa babu alhali akwai. Ta sami mata a layin cututtuka, ta same su jefi-jefi a layin ƙaura. A layin gargaɗi kuwa, daga Goronyo har Rabah, ɓangarensu fari ne. Giɓin ya ƙanƙance, amma yanzu tana iya tsayawa a kansa. Ta tura wa Dakta Rahama taswirar da gyararren babi, ba ta ce komai ba game da ko wane ne L. S. Magarya. Duk tsawon makon yana nan a kafaɗarta.

Ranar kare kudurin, ɗakin taron sashe ya cika da malamai da ɗalibai, fanka tana juya zafi. Da Turanci ake yi. Ta wuce gabatarwa lafiya, taswirar ta hau bango. Ba ta kai ga buɗe baki ba wani dattijo daga wani sashe, Farfesa Ismail, mai son kama ɗalibi a wuya, ya nuna gurbin da biro.

"Tsaya. Ga mutum ya yi aikinki a ƙaramar hukumarki, har ya ce labari na isa. Me ya rage miki? Kin ma neme shi kuwa? Ai sai ki kira shi ki karɓi bayanansa, ki hutar da mu."

"Yayana ne, Farfesa," ta ce. "Ya rasu."

Turanci ya gudu daga bakin kowa, aka shiga "Allah Ya jiƙan shi", "Allah Ya gafarta mai". Farfesan ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye. Dakta Rahama ta zuba mata ido. Shugaban zaman ya yi gyaran murya ya ce, cikin tausayi, a wuce wannan shafi, kowa ya gane.

"Ina roƙon a bar shi, ranka ya daɗe," in ji Adawiyya. "A kansa aikina ya tsaya."

Ta fara da abin da ya yi: shi ne na farko da ta samu ya kai wannan tambaya Wurno. Sannan ta karanta sauran, ƙauye ɗaya, damina ɗaya, maza kaɗai, tambayar eh ko a'a wadda ba ta nuna wa ya ji ko yaushe ya ji ba. Ta ce sakamakonsa ya nuna labari na kaiwa zaure, bai nuna yana shiga cikin gida ba, kuma ita tana iya shiga ta zauna ta yi hira.

Farfesa Ismail ya mayar da tabaransa, ya daɗe yana duban bangon. "Giɓin na nan," ya ce. "Ba ni da ja."

An ci gaba da tambayoyi kan yawan gidajen da za ta shiga da yadda za ta zaɓe su, tana amsawa. A tsakiyar wata amsa ta lura kafaɗarta ta dama ta yi sakayau. Ta ɗan karkata kanta tana jira, ba huci, ba kowa, iskar fanka ce kawai. Sai a lokacin baƙin ciki ya kama ta sosai, irin wanda ko ranar jana'iza bai kama ta ba, ga shugaban zaman yana tambayarta ko tana da abin ƙarawa.