Tambarin da Ke Bayan Shafi

Ba a taɓa kiran Sakatariya ɗakin taro don ta zauna ba. Aikinta ta shiga ta ajiye takardu da ruwa ta fito. Saboda haka da Manaja ya nuna mata kujera a ƙarshen tebur ranar, sai ta san akwai matsala tun kafin kowa ya buɗe baki.

Mutum biyar na kwamitin bincike duk suna nan. Ga Manaja, ga Lauyar kamfani da tabarau a kan hanci, ga injiniyoyi biyu, ga kuma Kawunta, shugaban sashen ma'aikata, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta kuma ya samo mata wannan aikin. Ta nemi idonsa, amma shi makullin motarsa yake ta jujjuyawa a kan tebur.

Abin da ya tara su, kowa a masana'antar ya sani. Injin matse roba ya cinye wa wani ma'aikaci hannu. Wani lebura da ke kusa ya rubuta shaida da hannunsa cewa shugaban aikin ranar ne ya sa aka cire murfin kariya don aiki ya yi sauri. An yi wa leburan alkawarin sunansa ba zai fita ba. Shi ya sa Lauya ta umarci Sakatariya ta yi wa kowane ɗan kwamiti nasa kwafin rahoton, fayil ɗin PDF, kowane shafi da tambari a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, dishi-dishi yadda ba zai hana karatu ba: SIRRI, sannan muƙamin mai kwafin. In wani shafi ya fita, shi da kansa zai faɗi hannun da ya fito.

Lauya ta turo mata waya a kan tebur.

"Duba nan. Kin gane wannan?"

Shaidar leburan ce, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, da sunansa a ƙasa.

"Tun jiya yake yawo a wayoyin ma'aikata," in ji Lauya. "An je har ƙofar gidan mutumin an yi masa kashedi. Matarsa ce ta turo mini, tana kuka. Ki duba da kyau. Ina tambarin?"

Babu tambari. Shafin fari tas, ko alamar harafi ɗaya babu a bayan rubutun.

"Duk wanda ke ɗakin nan mai tambari aka ba shi," Manaja ya ce a hankali, kuma sanyin muryar tasa ya fi tsawa ban tsoro. "Kwafi ɗaya ne mara tambari a duniyar nan. A kwamfutar wa yake?"

"A tawa, ranka ya daɗe. Amma wallahi ban..."

"Ba rantsuwa muka kira ki ki yi ba. Bayan azahar za mu sake zama. In ba ki da bayani, 'yan sanda za su tambaye ki nasu."

Ta sake duban Kawu. Ya yi gyaran murya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki je ki yi tunani, Auta. In kuskure ne ki faɗa, za a duba miki." Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Har shi ma ya yarda ita ce.

Ta koma teburinta. Masu kai-kawo a baranda, waɗanda kullum ke tsayawa neman aron abin huda takarda, yau kowa ya wuce kamar ana kiransa a gaba. Labari a ofis ba ya jiran lif. Ta zauna ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Tsoro take ji sosai. Tana ganin mahaifiyarta a bakin ofishin 'yan sanda da mayafi a karkace, tana ganin kanta ana nuna ta da baki a unguwa.

Ta yi ta maimaita abin da ta yi ranar. Ta buɗe rahoton, ta shiga wurin sa tambari, ta rubuta kalmomin, ta karkata su digiri arba'in da biyar, ta rage duhunsu zuwa kashi talatin, ta zaɓi dukkan shafuka. Wannan ta tabbata, don ta duba sau biyu. Ta adana kwafi biyar, ta tura kowanne ga mai shi. Nata na asali ko bugawa ba ta yi ba.

Da ta rasa tudun dafawa, sai ta sauka ƙasa wurin mai kula da kwamfutoci, dattijon da duk kamfanin ke kira Kashe-Kunna, saboda ko me ka kawo masa, maganinsa na farko ke nan. Ta same shi a ɗakinsa mai cike da wayoyi da matattun firintoci, yana cin abincin rana a kan wata tsohuwar sikana.

"Baba, ka taimake ni. Ko wani ya shiga kwamfutata?"

"'Yata, kwamfutarki ko ke da ƙyar kike shiga," ya ce yana goge hannu. Da ya ga fuskarta sai ya bar wasan. "Buɗe mini kwafi ɗaya daga waɗanda kika tura. Kowanne."

Ta shiga akwatin saƙonta ta buɗe na Manaja. Shafin farko, ga tambari kwance a karkace, toka-toka. Na biyu haka, na uku haka. Dattijon ya karɓi linzamin ya yi ta gangarawa, har ya iso inda aka liƙa shaidar leburan. A nan tambarin ya ɓace. Shafi na gaba ya dawo.

Sakatariya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a ƙeya. Suka buɗe na Lauya, haka. Na injiniyoyi, haka.

"Da kika sa shi, a saman shafi kika ce ya zauna, ko a baya?"

"A baya. Manaja ya taɓa yi mini faɗa wai tambari yana hawa kan lambobi."

"To shi ke nan." Ya ja kujera kusa. "Shafin da aka buga a kwamfuta ba shi da farin takarda na gaske. Haruffa ne kawai a rataye, don haka abin da ke bayansu ana ganinsa. Amma wannan, da sikana aka ɗauke shi. Hoto ne guda, da farinsa da komai, ya rufe shafin daga baki zuwa baki. Kamar kin shimfiɗa tabarma a kan zane. Zanen yana nan, ba a ganinsa ne kawai. Ba ki bi shafukan ɗaya-ɗaya ba?"

"Na duba na farko-farko da na ƙarshe," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kowa haka yake yi. Gobe ki sa shi a sama, ki rage duhun, ki bi kowane shafi da ido."

Gobe. Ita ba ta san ko tana da gobe a wurin nan ba. Laifin sakaci dai ya tabbata a kanta, amma aƙalla yanzu duk su biyar suna riƙe da shafi mara tambari kamar ita. Ta miƙe za ta tafi, sai dattijon ya ce, "Tsaya. Abin da ke yawon, hoton allo ne aka ɗauka, ko fayil ne?"

Ta tuna wayar Lauya, da jar alamar da ke gefen saƙon. "Fayil ne. PDF, shafi ɗaya."

"In ciro shafin aka yi daga cikin rahoton, to da abin da ke bayansa ya fito. A buɗe shi a manhajar gyara, a kama hoton a ja shi gefe." Ya ɗaga kafaɗa. "In naki ne na asali, ba za a ga komai ba. Kin tabbata kina so a ja?"

"Na tabbata, Baba."

Bayan azahar ta shiga ɗakin taron rungume da kwamfuta. Ta yi bayani, ta amsa sakacinta tun kafin a tambaye ta, ta nuna musu kwafinsu ɗaya bayan ɗaya a babban allon bango. Injiniyoyin suka soma muskutawa a kujera. Manaja ya ɓata rai, don da safe mai laifi ɗaya gare shi, yanzu kuwa har shi a cikin waɗanda ake zargi.

"Wato yanzu ba za a taɓa sanin ko wane ne ba," in ji shi.

"Za a iya sani, ranka ya daɗe, in Lauya ta turo mini fayil ɗin da matar ta turo mata."

Lauya ta cire tabarau ta dube ta, sannan ta danna wayarta. Saƙon ya shigo. Sakatariya ta buɗe shi, ta danna kan rubutun leburan, wani siririn layi ya zagaye hoton. In bayan nan ya fito fari, ta gama yawo.

Ta ja kaɗan zuwa dama. Daga kusurwar hagu ta ƙasa wani harafi mai launin toka ya leƙo a karkace, S, sai rabin I. Ba nata ba ne. Hawaye suka cika mata ido, ta juya wajen Kawu don ya gani, don ya san 'yar da ya riƙa ba ta ci amana ba.

Kawu ba allon yake kallo ba, ita yake kallo. Goshinsa ya jiƙe sharkaf duk da sanyin ɗakin.

"Auta," ya ce da muryar da yake kiranta da ita a gida, "ai an gani ba ke ba ce. Ya isa haka. Rufe ki je ki huta."

Sai a lokacin ta tuna wanda Kawu yake ɗauka a motarsa kullum in an tashi aiki, shugaban aikin nan da leburan ya ambata. Ta tuna kuma Kawu mutum ne mai karanta takarda shafi-shafi, ba ya tsallake ko ɗaya. Ya ga shafin da babu tambari, ya kuma san a kan wa zai faɗa. Tun safe yana zaune a nan yana jin ana kira mata 'yan sanda.

Tsoron da ta ji yanzu ya fi na ɗazu nesa ba kusa ba, don wancan na ofis ne, wannan kuwa zai bi ta har gida.

"Ci gaba," in ji Lauya.

"Auta, ni ne fa nake miki magana."

"Na ji ka, Kawu," ta ce, hawaye na sauka kan hannunta. "Da safe ma na ji ka."

Ta ja hoton har ƙarshen allo.