Ragowar Lemun Mulikatu

Shekara ashirin da biyu Mulikatu ta yi tana fere lemu a bakin titin Mamobi, daidai inda motocin turoturo ke sauke fasinja. Takan fere koren bawon ta bar farin, ta yanke kai, mai saye ya matse ya tsotse ya yar da sauran a kwata. A gefen tiren kuma akwai ayaba da gyaɗa soyayya a ƙulle. A kan wannan benci jikinta ya yi nauyi, gwiwoyinta suka fara ƙara, sannan a shekarar 1994 ƙabar cibiya ta fito mata kamar ƙwallon dokunu, tuwon masarar nan, a ƙarƙashin zane.

Idan ƙabar ta motsa, sai ta kwanta a bayan tebur tana danna ta da tafin hannu har ta koma. Likitan da ya duba ta bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce aiki za a yi, domin wata rana hanji zai iya maƙalewa a wurin ya ƙi komawa. Amma kilo casa'in da shida take, kuma ɗinki a cikin wannan tumbi ba ya daɗewa. Ya ba ta wata biyar ta sauke kilo takwas. In ta sauke, sunanta na cikin jerin watan Nuwamba. In ba ta sauke ba, sai wani jerin, wanda shi kansa bai san ranarsa ba.

Mulikatu ba raguwa ba ce. Ta bar shinkafa da wake na rana, ta bar soyayyen doya, ta raba tuwon dare biyu ta tura wa mijinta Kadiri rabi. Shi kuwa, tela ne siriri kamar allurarsa, ya ci abinsa bai ƙara ko tsoka ba. Sati shida tana wannan azaba, ta koma asibiti ta hau sikeli, aka ce rabin kilo ta rage.

Rabin kilo! Ko kajin unguwar Nima sun fi haka nauyi. Ta dawo ta zauna a bencinta, ta ma kasa ɗaukar wuƙa.

Alima mai burodi da shayi, wadda teburinta ke maƙwabtaka da nata, ita ce likitar layin, ba don ta taɓa shiga aji ba, sai don tana da rediyo. Ta leƙo ta ce, "Yaya Mulika, ni na san mi ke damunki. Lemun nan ne. Sikarin 'ya'yan itace ba irin na kanti ba ne, shi kai tsaye yake zama kitse, ya kulle jiki. Ko kin yi azumin shekara ba ki ramewa. Ki bar shi kwata-kwata."

Mulikatu ta bari. Wata guda cur ba ta kai lemu ko ayaba bakinta ba, ragowar yamma sai ta kwasa ta kai gida a rarraba wa mutanen tsakar gida. To amma yunwar la'asar ba ta san da wannan shawara ba. Da ta taso, sai Alima, cikin tausayi na gaskiya, ta yanko mata burodi mai sikari ta shafa bota, ta haɗa mata shayi da madarar gwangwani. Da wata ya cika ta hau sikeli, sai ga kilo guda ya ƙaru.

A nan ne ta yi kuka, a gaban mutane, ba kunya. Ba zafin ciwo ya sa ta kuka ba, gajiya ce kawai. Ma'aikaciyar da ke auna mutane ta ja ta zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wurin Madam Sharifa mai kula da abincin marasa lafiya. Ita ma 'yar zango ce kamar Mulikatu, daga unguwar Alajo, kuma daga ganin idonta ita ma ta gaji da nata aikin.

"Mma, zauna," in ji ta. "Bar zancen watan nan, na riga na ji labarin burodi. Faɗa mini na sati shidan farko. Tun daga asuba."

Mulikatu ta lissafa: koko da sikari da ƙosai uku da safe, rana ba komai, dare rabin tuwo.

"Rana ba komai? Har magariba kina zaune gaban tire?"

"To, sai dai ragowa."

"Wace ragowa?"

Mulikatu ta yi mata bayani kamar mai yi wa baƙo. Lemun da aka fere ba ya kwana da kyau, gobe ya bushe ba mai saye. Ayabar da ta yi baƙi ma haka. Uwarta, wadda ta gadar mata da tiren, ta koya mata cewa ba a zubar da abin da Allah ya hore, mai tire ce ke shanye ragowarta. Wannan kuwa ai ba abinci ba ne, gyaran tire ne.

"Guda nawa?"

"Lemu kamar goma, sha biyu. Kwadu, wato ayaba, uku. Da ɗan gujiya, soyayyar gyaɗar nan, don kwadu ba ya tafiya shi kaɗai."

Madam Sharifa ba ta yi dariya ba, ko da yake bakinta ya so. Ta jawo kwalin ashana daga aljihun tebur, ta ƙirga tsinke goma sha biyar ta jera.

"Abin da abinci ke ba jiki ana auna shi, sunansa kalori. Kowane tsinke ɗari ne. Jikinki yana ƙona wajen tsinke ashirin da biyu a rana. In kin ba shi sha biyar, sauran sai ya ciro daga kitsen da ya ajiye. Shi ke nan maganar, ba wani asiri."

Ta ture tsinke shida gefe, ta ce lemu sha biyu ke nan da aka tsotse. Ta ture uku na ayaba, ta ture uku na gyaɗa cikin hannu biyu. Tsinke uku suka rage a gaban Mulikatu, ga koko da ƙosai da tuwo ba a ma taɓa su ba.

"Kin gani? Shinkafar da kika bari, kin mayar da ita daga tire."

"To ashe Alima ta yi gaskiya. Sikarin lemu ne."

"Ba ta yi ba. Sikarin lemu ba ya kulle komai. Tsinke tsinke ne, ko daga lemu ya fito ko daga burodi. Ai kin bar lemun kin ga abin da ya faru. Yawan ne, da kuma yadda kuke sha. Kuna tsotse ruwan ku yar da tsokar, alhali tsokar ce ke zama a ciki ta riƙe yunwa. Wa zai iya cinye lemu sha biyu da tsokarsa? Amma tsotsa, sai ki yi kina hira."

Ta raba mata tsinkayen. Huɗu na safe, koko da rabin sikarin da ta saba da ƙosai biyu. Huɗu na rana, wake da ganye, a daina zama da yunwa. Biyar na dare. Biyu na 'ya'yan itace: lemu biyu a ɓare a cinye da tsoka, da yankan gwanda ko kankana, ko kuma lemu ɗaya da ayaba ɗaya. Ranar da ta ci gyaɗa, ta san ta ci daga rabon tuwo.

"Ragowar fa?" in ji Mulikatu.

"Ki rage ferewa. Ki fere biyar, in sun ƙare ki ƙara."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Tire cike da fararen lemu a jere shi ne kwalliyar sana'ar, shi ke tsayar da mai wucewa. Tire mai lemu biyar kuwa kamar na wadda ta fara jiya. Amma ta yi. Masu saye suka riƙa tsayawa suna jira tana ferewa, direbobi na danna mata oda, wasu su wuce wurin wata. Alima ta yi kwana uku tana fushi don an ƙi shayinta, daga baya ta huce, ta koma ba wa mai gasa masara shawara.

Sati goma sha biyu aka yi haka. Ba wani abin ba da labari a cikinsu. La'asar takan yi, Mulikatu ta ɓare lemunta biyu ta tauna har da farin zaren da a da take ganin abincin awaki ne. Wani satin sikeli ya motsa, wani satin ya tsaya cik kamar da gangan. Sau biyu ƙabar ta tashi, ɗaya har da amai, Kadiri ya tsaya a kanta da tsinin almakashi a hannu bai san abin yi ba, kafin ƙabar ta koma. Zanenta ya fara zagayowa da saura. Abin da ke riƙe da ita ɗaya ne: Nuwamba na zuwa, a yi aiki, a gama. Har ta tsara a ranta ranar da za ta dawo benci ta cika tire, ta zauna ta tsotsi lemu son ranta.

Ranar awo ta ƙarshe ta cire mayafi da takalmi, har ɗan kunne ta so cirewa. Kilo tamanin da tara. Saura ɗaya.

Likitan ya duba kati, ya sa ta kwanta ya danna cikin. Sannan ya ce ya isa, ta zo ranar Litinin ta biyu a wata da kayan kwanciya.

Ta fito ta nufi ɗakin ƙarshen baranda don ta yi godiya. Madam Sharifa ta taya ta murna sosai, har ta riƙe hannunta.

"Alhamdu lillahi," in ji Mulikatu. "Na kusa hutawa. Madam, bayan aiki sati nawa zan ƙara kafin in koma cin abincina?"

Madam Sharifa ta saki hannun a hankali.

"Mma, wane abincin? In kilon nan ya dawo, ƙabar ma tana iya dawowa, a kan ɗinkin. Za mu ƙara miki tsinke uku ko huɗu in kin warke. Amma tiren nan, kin gama shanye shi."

"Har yaushe?"

"Ba shi da rana, Mma."

Ita Mulikatu duk watannin nan ta ɗauka azumi take yi, irin wanda ake ganin wata a sha ruwa a yi salla. Ba ta yi gardama ba, ba ta da ƙarfin yi. Ta ɗaura mayafinta, ta sa katin aikin a cikin jaka, ta ce a gaida gida.

A bakin asibitin ta samu benci ta zauna, ta bar turoturo uku suka wuce kafin ta iya tashi.