Ɓarawon Da Ke Biya Kan Lokaci

Ƙanena Shridhar ya kai shekara talatin da huɗu bai taɓa cin bashin ko kwabo ba. A wurinsa abin alfahari ne, ni kuwa ina ganin tsabar tsoro ne kawai. Yana aiki a shagon irin shuka a Amravati, albashi na shiga, yana tarawa, har ya yi ɗan tumbi. Ni ce babbar yarsa, Tai yake kirana, iyayenmu sun rasu, don haka neman aurensa a wuyana ya faɗo. Na sha shayi a gidaje da yawa kafin mu dace da Mrunal, malamar firamare mai dariya da ƙarfi. Ranar da muka je ganinta ta miƙo masa farantin poha, soyayyiyar shinkafar da ake karyawa da ita, ya karɓa har ya kusa zubarwa, ta ce masa ya riƙe da kyau don ba a sake dafa wani. Tun daga nan yaron nan ya susuce.

An duba taurarinsu, sun dace. An zauna tsayar da rana, sai kawunta Vitthalrao, wanda ya yi ritaya daga banki amma bankin bai fita daga jikinsa ba, ya gyara tabarau.

"Taurari sun faɗi nasu. Saura rahoton bashi. Ina son in ga makin yaron."

Shridhar ya yi murmushi ya ce ai shi ba ya da bashi. Kawu ya ce to a buɗe a gani. Nan take aka nemi rahoton a waya daga hukumar da ke tara tarihin basussuka. Maki ya fito ɗari bakwai da tamanin da biyu, cikin ɗari tara. Kawu ya washe baki har na ga haƙorinsa na azurfa.

"Ka ga ɗan halak. Bashin babur, bashin waya, ko wata ɗaya bai yi latti ba. Kuma don kunya yake cewa ba ya da komai."

Shridhar keke yake hawa. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya haɗiye maganarsa, aka raba alewa, muka fito.

A gida muka karanta rahoton a tsanake. Sunansa ne, ranar haihuwarsa ce, lambar katinsa na haraji ce. Amma adireshin a Surat yake, garin da bai taɓa takawa ba, lambar wayar ma ba tasa ba. Yadda aka yi ba abin mamaki ba ne. Wannan yaron duk wanda ya ce ya kawo kwafin katinsa sai ya buga, ya sa hannu, ya miƙa, mai sayar da layin waya ne ko mai masauki, ba ya rubuta dalili ko kwanan wata a jikin kwafin. Wani bawan Allah ya tsinci guda, ya liƙa nasa hoton, ya zama Shridhar.

Na ce, "Ka ja bakinka ka yi shiru sai an ɗaura auren. Mutumin yana biya. Wa ya cuta?"

"Tai, da babur ɗin wani zan yi aure?"

"Mrunal za ka aura, sakarai. Babur yana Surat."

Ya nuna mini ƙasan rahoton. Sati biyu da suka wuce wani kamfanin lamuni ya duba sunansa don bashin rupi dubu ɗari biyar. Wato mutumin kiwon sunan yake yi, ya yi ƙiba, sannan ya yanka. Na ga haka, na kuma ce duk da haka ya jira. Ya ce in ya jira, ranar da masu bin bashi suka zo ƙofa Mrunal ce za ta buɗe musu. Sai na zage shi.

Daga nan ya shiga zarya. 'Yan sandan da ke kula da zambar intanet suka karɓi ƙorafinsa, bayan jami'in ya tambaye shi sau biyu nawa aka sace masa.

"Ba a saci komai ba, Saheb. Biya ma ake yi."

"To ka zo ƙara ne ko godiya?"

Ya dai samu takardar shaidar ƙorafi. Ya rubuta wa kamfanonin da suka ba da bashin babur da na waya, ya rubuta wa na dubu ɗari biyar ɗin cewa kada su saki kuɗi, ya shigar da jayayya a hukumar tarihin bashi. Hukumar ta amsa cewa ita ba ta goge komai da kanta, sai mai ba da bashin ya tabbatar, kuma doka ta ba su kwana talatin. A reshen kamfanin babur, manaja ya buɗe fayil, ya dubi hoton mutumin Surat, siriri mai gashin baki, ya dubi Shridhar.

"Ka tabbata ba kai ba ne kafin ka yi ƙiba?"

Aka gwada sa hannu, aka nemi shaidar shagonsu cewa ranar da aka karɓi babur yana Amravati yana auna irin auduga. Manajan ya rako shi ƙofa yana ƙorafi, wai da dukan masu cin bashi a wurinsa irin wancan Shridhar ɗin ne da ya yi barci da minshari.

Aka goge komai. An toshe babban bashin kafin ya fita. Shridhar ya buga sabon rahoto, ya sa shi a leda, ya goge rigarsa, ya ce mu je wurin Kawu. Ya zayyana masa labarin daga farko, yana jiran a dafa kafaɗarsa. Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Inda maki yake a da, yanzu an rubuta babu tarihi.

"Wato wancan mai biyan ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne, Kawu. Ni ban taɓa ci ba."

"Shekara talatin da huɗu, babu bankin da ya taɓa yarda ya damƙa maka rupi ɗaya. Ni kuma in damƙa maka 'yar ƙanwata? Da me zan auna ka? Gobe kuna son bashin gida, wa ya san ka?"

Na ce, "Kawu, yanzu ɓarawon kake yi wa kewa?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce shi dai wancan ya ga halinsa a rubuce. Mrunal tana tsaye bayan labule, na ga ƙafafunta, ba ta fito ba. Uwarta ba ta yanke komai sai da yayanta, ita kuma ba ta tsallake uwarta. Hukuncin Kawu shi ne Shridhar ya je ya ci bashi, ya biya, maki ya fito, sannan a sake zama.

Washegari ƙanena ya shiga shagon kayan lantarki da kuɗin firij cur a aljihunsa, ya roƙi a sayar masa biya kaɗan-kaɗan na wata goma sha biyu. Da yake ba ya da tarihi, sai da suka sa ya ajiye kaso mai tsoka tukuna. Firijin ya fi ƙarfin ɗakinsa, aka kawo shi kicin ɗina. Kowane wata tun kafin ranar cirar kuɗin yana duba asusunsa safe da yamma, kamar mai jinyar jariri. Yana aika wa Mrunal hoton rasit, tana mayar masa da hoton dariya. Daga baya dariyar ta daina zuwa, shi bai daina aikawa ba.

A wata na bakwai makinsa ya fito, ɗari bakwai da arba'in da wani abu, nasa na kansa. Ya zo gidana da gudu da takardar. Katin bikin Mrunal ya riga shi isowa, ina riƙe da shi a hannu, angon wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Akola mai bashin gida da na mota. Na so in ɓoye, ban yi sauri ba. Ya karanta, ya ajiye shi a kan firijin, ya zauna a ƙasa kusa da buhun shinkafa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ji tausayin mutum irin na ranar ba, kuma haushi ya hana ni lallashinsa.

Can ya ɗago ya ce, "Tai, yau nawa ga wata?"

Na faɗa masa. Ya ciro waya ya duba ko kuɗin firijin na wannan watan sun cika a asusu.