Ashirin da Biyar ko Hamsin

Shekarata talatin da ɗaya ina lanƙwasa rodi ina ɗaurawa, kuma ban taɓa kwance aikin da na ɗaura ba sai a kan tankin nan. Wadda ta sa ni na kwance kuwa 'yar cikina ce.

Auta muke ce mata a gida. A wurin aiki Injiniya ce, da farar hular kwano da tef ɗin awo rataye a ƙugu. Wata huɗu kenan da kamfanin da nake wa aiki ya ɗauke ta gwaji, aka ba ta kula da ginin wani asibiti, ni kuma ina shugabancin masu rodi a wurin. Ranar da ta fara, shugaban kafintoci, wanda muke kira Dogo, ya ce mini, "Baba, yau fa an haifa maka uban gida." Na ce masa ya ji da ƙusoshinsa.

Tankin ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa, wanda asibitin zai riƙa sha daga ciki. Kwana huɗu muka yi a ramin ni da mutanena shida, muka ɗaure rodin ƙasa shimfiɗa biyu, muka tsayar da na bango. Aiki ne da ko zare ka ja ba za ka sami karkata ba. Ranar Alhamis da safe za a zuba kankare, an riga an yi wa masu motocin kankaren magana.

Ranar Talata da hantsi Auta ta sauko ramin, ta tsuguna, ta zaro biskit ɗaya daga ƙarƙashin rodi. Biskit a wurinmu ɗan curin siminti ne da muke sakawa don ya ɗaga rodi, kankare ya samu ya lulluɓe shi ta kowane gefe. Ta auna, ta dube ni.

"Baba, ashirin da biyar ne."

"To da nawa kike so ya zama? Abin da zane ya ce kenan."

"Zane ya ce milimita ashirin da biyar. Littafin ƙa'idojin aiki ya ce duk inda kankare zai taɓa ruwa ko ƙasa, hamsin."

Wannan littafin ni ban taɓa buɗe shi ba. Yana can a ofis cikin kwantena, kaurinsa ya kai bulo, an fi amfani da shi wajen danne takardu kada fanka ta kwashe su. Na ce mata ai magana ta ƙare, a buga sabon biskit mai hamsin, kowa ya huta. Ta ce ba haka abin yake ba. Kaurin bangon ɗari biyu ne, in aka ci hamsin ta nan hamsin ta can, an matso da rodin ciki, ƙarfin da aka lissafa wa bangon ya canza. In kuma aka bar shi ashirin da biyar, ruwa zai iya kai wa rodi, ya yi tsatsa, ya fasa kankaren bayan wasu shekaru. Ta ce ba ita ta yi lissafin ba, don haka ba ita za ta zaɓa ba. Wasiƙa za ta rubuta wa kwansaltan, wato babban injiniyan da ofishinsa ya zana aikin kuma yake sa ido a madadin masu asibitin.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu a rami, bayana kamar an daka, yarinyar da na goya ta zo tana neman aibu da ɗan tef.

Manaja ya fi ni ɓacin rai. Mutum ne mai gajeren wuya da gajeren haƙuri, kuma ranar miƙa aiki ta matso. A gabanmu ya kira wani matashin injiniya a ofishin kwansaltan, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Wancan, da alama yana tuƙi ne, ya ce, "Ku bi zane kawai."

"Kin ji," in ji Manaja.

"Na ji, ranka ya daɗe. A ba ni a rubuce."

"Ke, maganar mutum ba ta ishe ki ba?"

"In tankin ya tsage nan da shekara biyar, wayar nan ba za ta zo ta ba da shaida ba."

Ya ce to ta rubuta. Amma ta sani, in aka ɗaga zubin Alhamis saboda ita, amsa kuma ta dawo cewa a bi zane, kada ta jira ƙarshen gwajinta, ta ajiye masa hularsa a kan tebur. Da zai fita ya ja ni gefe ya ce, "Baba, 'yarka ce, ka yi mata magana."

Na shiga kwantenar da niyyar yin maganar. Ni na san layin da ta bi kafin ta sami aikin nan, shekara biyu tana yawo da takardu. Na same ta tana bugawa a kwamfuta, zanen a buɗe a dama, littafin a hagu. Kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, zauna ka ji, ka gaya mini in na bar wani abu."

Ta karanta mini. Ta sa lambar wasiƙa da kwanan wata. Ta kawo lambar zanen da bugunsa na nawa ne, da bayani na shida a gefensa inda aka ce ashirin da biyar. Ta kawo lambar sashen littafin da ya ce hamsin. Ta ce an riga an yanka rodi an ɗaura bisa zane, ba a zuba komai ba tukuna. Sai tambayar, guda ɗaya tak: wanne za a bi, in kuma hamsin ne, shin kaurin bango da na ƙasa za su tsaya yadda suke? Ta rufe da cewa an tsara zubi ranar Alhamis, ana roƙon amsa kafin tashi daga aiki ranar Laraba, kuma an dakatar da wannan ɓangaren har amsa ta zo. Babu zargi a ciki, babu kame-kame.

Ban san lokacin da bakina ya kufce ba. Na ce, "Kin manta foka."

"Foka kuma?"

Foka shi ne bakin injin da ake tsomawa cikin ɗanyen kankare ya girgiza shi don kada ya bar rami. Na ɗauki fensir na nuna mata a bayan ambulan. In aka cire hamsin-hamsin daga ɗari biyu, saura ɗari. Rodi mai sha biyu, tsaye da kwance, gaba da baya, ya cinye arba'in da takwas. Abin da ya rage da ƙyar ya wuce hamsin, fokarmu kuma hamsin ce. Ba za ta shiga ba, in ta shiga ba za ta fito ba, ƙasan bangon zai fito da ramuka kamar saƙar zuma.

Ta dubi ambulan ɗin, sannan ta juya ta ƙara sakin layi. Ni da aka aiko in hana wasiƙa, sai ga shi na ƙara mata tsawo. Ta tura ta kwamfuta, ta kuma buga kwafi biyu ta kai da kanta, aka buga wa ɗaya hatimin karɓa ta dawo da shi.

Laraba ta wuce babu amsa. A gida uwarta ta dube mu mu biyun ta ce, "Me kuka ƙulla ne, kowa ya yi tsit kamar an aiko masa da sammaci?"

Alhamis da safe Auta ta wuce ofishin kwansaltan ta zauna musu a benci. Manaja kuwa ya leƙo ramin ya ce mini har yanzu bai sallami masu motoci ba, in na ce rodi ya kammala shi zai sa hannu da kansa a zuba. Mutanena shida suka tsaya suna kallona. Ni mutum ne da ke alfahari ba a taɓa jiran rodina ba, kowa a wurin ya san haka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rodin da Injiniya ba ta sa wa hannu ba, a wurina bai kammala ba."

Ya ce ashe abin na gida ne, to in ta tafi sai in raka ta. Na ce Allah ya kai mu. A ƙarshe dai ya sallami motocin.

Bayan azahar wata tsohuwar mota ta shigo, Auta ta fito daga gaba, wani dattijo mai furfura ya fito daga mazaunin direba. Shi ne babban kwansaltan, ban taɓa ganinsa a wurin ba sai ranar. Da kansa ya sauko tsanin, wasiƙar a hannunsa. Ya auna nan, ya auna can, sannan ya juya ga Manaja.

"Kuskuren daga ofishina yake. An kwafo bayanin benen sama an manna a zanen tanki. Hamsin ne daidai." Ya miƙa masa sabon zane da takardar umarni. An mayar da kaurin ɗari biyu da hamsin, tazarar rodi kuma an rage ta daga ɗari biyu zuwa ɗari da hamsin. "Da kun zuba, da ni ne zan zo in ce ku fasa, mu yi ta jayayya a kan wa ya ce me. Tunda kun tambaya a rubuce kafin zubi, kwanakin da kuka rasa za a ƙara muku."

Manaja ya gyara tsayuwa ya ce ai haka kamfaninsu yake aiki, komai a rubuce. Dogo ya yi tari har sai da ya dafa katako.

Dattijon ya sa yatsa a ƙasan wasiƙar ya ce wa Auta, "Wannan maganar foka, a makaranta ba a koyar da ita. Ina kika samo?"

"Wurin shugaban masu rodi," in ji ta, ta nuna ni. "Mahaifina ne."

Ya miƙo mini hannu, na goge nawa a wando na ba shi. Wallahi kaina ya yi girman da hular kwanon ta matse ni.

Sabuwar tazara tana nufin a kwance komai. Muka kwance, waya bayan waya, aikin kwana huɗu, muka buga sabon biskit, muka sake ɗaurawa cikin kwana biyar. Ban zagi kowa ba, mutanena har suna tambaya ko lafiya nake.

Da muka gama ta sauko da tef da takardar dubawa. Ta bi layi-layi, ni ina biye da ita hannuwana a baya. A kusurwar gabas ta tsaya, ta auna, ta sake aunawa.

"Baba, nan arba'in da biyu ne."

Na karɓi tef ɗin na auna da kaina. Arba'in da biyu ne, biskit ɗaya ya zame. Ta ce ba za ta sa hannu ba sai an gyara, ta hau tsani ta tafi duba allunan Dogo. Na tsuguna da filaya ina kwance wurin, Dogo ya leƙo daga sama yana dariya.

"Baba, milimita takwas fa. Ko kai ba za ta ɗaga wa ƙafa ba?"

"Ko ni," na ce masa. "Je ka shirya, kanka za ta zo yanzu."