Rana Ɗaya Aka Ɗauke Su

A ofis Uwar Shakka suke ce mata. Ko bidiyon akuya aka turo tana cin ciyawa, sai ta tambayi wa ya ɗauka, da wace waya, yaushe. Aikinta ke nan a gidan jaridar: kafin a buga labari a kan wani bidiyo, ita ke buɗe cikin fayil ɗin ta karanta abin da na'ura ta rubuta a kansa. Edita kan ce ko ranar aurenta sai ta nemi shaidar cewa angon na asali ne. A gida kuwa Yaya ce kawai, babbar 'yar Umma. Kuma abin haushi, mai bin diddigin bidiyon duniya ba ta taɓa bin na ƙanenta ba.

Auta ya tafi wani gari mai nisa a bakin teku, wai ya samu aiki a ɗakin sanyi inda ake adana kifi. Da farko yana kira. Daga baya aka ce wayarsa ta faɗa ruwa, sai bidiyo ya koma zuwa lokaci-lokaci daga wayar abokinsa da suke ɗaki ɗaya, wani da ake ce wa Dogo. Auta zai bayyana zaune a gindin bango, ya ce, "Umma, ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, aiki ne ya yi yawa. A ci gaba da addu'a." Umma ta kalla ta sake kalla, har ta haddace inda yake haɗiye yawu.

Ran nan da safe, Yaya ta leƙa ɗakin Umma kafin ta fita, ta tarar da ita da wayar a tafin hannu.

"Zo ki ga ɗan banzan nan," in ji Umma tana murmushi. "Har yau bai bar sosa wannan ƙurjin na haɓa ba. Tun bidiyon farko nake faɗa masa ya bar shi."

Yaya ta duba. Ƙurjin na nan, ja, daidai inda yake watannin baya. Rigar ta canja, amma ƙurjin bai girma ba, bai bushe ba. Inuwar ƙarfen taga ma tana nan a kafaɗarsa ta hagu. Ba ta ji faɗuwar gaba ba. Abin da ta ji kawai shi ne shayin da ke hannunta ya huce, ta ajiye shi.

A ofis ta tura bidiyon cikin kwamfuta, ta buɗe manhajar da ke karanta bayanan fayil. Kamar yadda ta zata, fayau. Manhajar hira in ta karɓi bidiyo sai ta matse shi ya ƙanƙance, ta share sunan waya da wurin ɗauka da ranar asali. Ranar da ke jikin fayil ɗin ta waje kuwa ranar da ya sauka a wayar Umma ce, ba ta da alaƙa da ranar da aka ɗauka. Sababbin ma'aikata nan suke faɗawa rami, su ga babu komai su ce ƙarya ce, ko su ga kwanan jiya su ce sabo ne. Babu komai ba ya nufin komai, haka take koya musu.

Ta rubuta wa Dogo: Umma tana son ganin fuskar ɗanta tangaran, wannan ya dushe. Don Allah ya sake turowa, amma a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, kada ya bi ta wajen hotuna. Ƙarya ce ta yi masa, kuma ko gezau.

Bawan Allah ya turo kafin azahar. Har da sake wa fayil ɗin suna, ya sa masa kwanan makon jiya, yana ganin ya rufe ƙofa. Ai suna riga ce, kowa na iya sauya ta.

Wannan karon bayanan suka zubo layi-layi. Girman hoton cikakke. Sunan kamfanin wayar da samfurinta, da lambar manhajar da ke tafiyar da wayar a lokacin. Lambobin wurin ɗauka. Sai kwanan wata guda biyu, kuma ba su yarda da juna ba. Ɗaya, na lokacin da aka rubuta wannan kwafin, makon jiya ne, bisa agogon duniya da ba ya bin na kowane gari. Ɗayan, wanda kyamara ta sa lokacin da aka danna ɗauka, har da bambancin sa'o'in garin a jikinsa, ya koma can baya, makon da Auta ya daina kira.

Ta san ma'anar hakan, ta sha gani a bidiyon 'yan siyasa. An ɗauki tsohon bidiyo an datse masa wani yanki a cikin wayar, wayar ta rubuta sabon kwafi, amma ta bar ranar asali a wurinta. Duk da haka ba ta yarda nan take ba, don agogon waya na iya yin kuskure, kuma mai wayo na iya rubuta ranar da ya ga dama. Ta duba lambar manhajar wayar: tsohuwa ce, ta dace da wancan lokacin. Ta sa lambobin wurin a taswira. Ɗigon ya sauka a wani gini da ke manne da inda jiragen kamun kifi ke tsayawa.

Edita ya wuce ta bayanta da kofi. "Uwar Shakka, yau wa aka kama?"

"Ba na aiki ba ne."

"To, a sassauta masa."

Ta rubuta kwanan a bayan hannunta da biro, ba don za ta manta ba, hannun ne kawai ya yi abin da ya saba. Ta fita baranda inda masu shan sigari ke tsayawa, ta kira Dogo. Suka gaisa, ya tambayi jikin Umma, ya ce Auta yanzun nan ya fita.

"Dogo, me ka yanke a farkon bidiyon?"

Tana jin ƙarar injin wani abu a bayansa.

"Yaya, wane yankewa kuma?"

"Kada ka wahalar da ni. Ranar da aka ɗauka tana gabana. Ƙanena yana raye ko ba ya raye?"

Sai mutumin ya fashe da kuka, kukan babban namiji mai muni, ita kuwa tana tsaye tana kallon wani mai gyaran taya a ƙasan bene yana tsoma tub ɗin taya a ruwa. Ta jira ya gama.

Babu wani ɗakin sanyi. Jirgin kamun kifi Auta ya shiga, irin wanda ke daɗewa a teku ba waya ba saƙo, kuma ya san Umma ba za ta taɓa yarda da ruwa ba. Jajiberin tafiya ya zauna a gindin bango da tarin riguna, nasa da na Dogo, yana sauyawa yana gaisuwa, suna ta dariya. Farkon kowanne yakan ce, "Wannan na wata mai zuwa ne," ko "Wannan in ka ji ta fara damuwa." Wannan farkon ne Dogo yake yankewa. Jirgin ya wuce lokacin dawowarsa, aka nema, aka samu tarkace da wasu gawawwaki, aka daina nema. Auta ba ya cikin waɗanda aka samu. Ba wanda ya fita da rai.

"Wallahi kullum sai in ce yau zan faɗa. Sai Umma ta kira ta ce, Dogo, ina ɗana? Sai in tura wani."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji ta. Bakinta ne ya faɗa, zuciyar ba ta iso ba tukuna. Ta so ta zage shi, ta nemi fushin ta rasa. "Bidiyon saura nawa?"

"Kaɗan."

"Turo min su duka, har da asalin na baya. Kada ka yanke komai."

Ta koma ta ƙarasa aikin ranar. Ta tantance wani bidiyon gobara, ta gano na wata shekara ne, ta rubuta wa Edita. Ya ce aikinta ya yi kyau, ta ce na gode.

Da la'asar ta dawo gida. Ta gaida Umma daga bakin ƙofa, ta shige ɗakinta, ta buɗe kwamfuta a kan gado ba ta ko cire mayafi ba. Fayilolin sun iso. Ta karanta bayanansu kafin ta kalla, sabo turken wawa. Waya ɗaya, wuri ɗaya, yammaci ɗaya, 'yan mintoci tsakanin kowanne da na gaba. Waɗannan kwanansu biyu sun yarda da juna, ba a taɓa su ba.

Na ƙarshe biyu ba na Umma ba ne, na matarsa ne, wadda har yau gidan ke kira Amarya, ga ta can a tsakar gida da tsohon ciki tana wanke kwanuka a zaune. A na farko Auta ya gyara zama ya ce, "Dogo, wannan in namiji ne," sannan ya washe baki: "Barka, barka! Na ji an samu maigida. A sa masa sunan Baba." A na biyun bai ko sauya riga ba. "Wannan in mace ce. Kai, daina ba ni dariya mana." Ya tsaya ya haɗiye dariyar. "Amarya, sannu da ƙoƙari. Na ji an samu kishiyarki. Ina nan tafe, ki ce mata kada ta yi girma sai na zo."

Yaya ta tsayar da shi a nan. Ta zauna tana jiran hawaye kamar mai jiran mota, ba su zo ba. Daga ɗakin Umma muryar Auta na tashi, lafiyata ƙalau, aiki ne ya yi yawa.

Labule ya motsa. Amarya ce, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan jiƙe da ruwan sabulu.

"Yaya, kamar muryarsa na ji. Sabo ya turo?"

Abu ne mai sauƙi ta ce eh, na Umma ne, je ki huta. Dogo ya yi watanni yana yin haka, kuma yanzu ta gane yadda ake yi. Ta kalli yarinyar, ta kalli cikin. Wannan ita ke da hakkin sani kafin kowa.

"Shigo ki ja ƙofa."

Amarya ta shigo ta zauna a bakin gado da ƙyar, tana goge hannu da zani. Yaya ta juya mata kwamfutar, ta sa yatsa a ƙarƙashin layi ɗaya.

"Kin ga wannan? Ranar da aka ɗauki bidiyon da Umma ke kallo ke nan." Ta sauko da yatsan. "Wannan ma. Da wannan. Dukansu, tun na farko."

Amarya ta karanta kwanan a hankali, leɓunanta na motsi.

"Ai ran nan ne muka yi magana ta ƙarshe," in ji ta. "Ya ce in kashe, kuɗin wayarsa zai ƙare, zai kira gobe."

Ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da goge hannun da ya riga ya bushe. Sannan ta nuna fayiloli biyun da ke ƙasa.

"Waɗannan fa?"

"Naki ne. Ɗaya in namiji, ɗaya in mace."

Amarya ta ɗora tafinta a kan cikin, ta kalli fuskar mijinta da ke tsaye a allo, baki buɗe a tsakiyar dariya.

"Kada ki kunna," in ji ta. "Ki ajiye min. In na sauka, ki ba ni nawa."