Inuwar da ke Ƙasan Takardar Gona

Ruwan da aka yi kwana uku ana yi a Unguwar Gai shi ya kayar da ɗakin Malam Gwadabe. Ba wanda ya mutu, amma akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ya cika da laka. Da aka tono shi, takardar gonar da ke ciki ta narke kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Ko wata ba a yi ba jikokin marigayi Alhaji Bappa suka kai ƙara wurin dagaci, suka ce gonar kakansu ce, su zo su karɓi abinsu.

Shekara arba'in da ɗoriya gidan Gwadabe ke noma gonar nan. Abin da ya sani tun yana saurayi shi ne mahaifinsa ya same ta a hannun Bappa, wani malamin firamare ya rubuta musu takarda da boko. Shi bai iya karatun boko ba, bai kuma taɓa ba wani ya karanta masa ba. Ajiye ta kawai ya yi. Sa'ar da ya ci, 'yarsa Afra'u ta taɓa ɗaukar hotonta a waya lokacin da ake rajistar manoma.

Ranar Talata da hantsi ya hau babur ya nufi Rano da wayar a aljihu. Ɗan ƙanwarsa Lukman yana da shagon kwamfuta a bakin kasuwa, inda ake buga takardu. A gidan Gwadabe Lukman ya tashi tun yana shekara shida, bayan rasuwar uwarsa, kuma dawar gonar nan ce ta raine shi.

"Jibi za a zauna," in ji Gwadabe. "Na kai wani shago a Kibiya sun fitar min, ga abin da suka ba ni."

Lukman ya karɓa ya duba. Rubutun ya karkace, rabin takardar na ƙasa kuwa baƙi ƙirin.

"Kawu, ai haka suka tura ta inji ba su gyara ba. Zauna ka gani."

Bai yarda a turo masa hoton ta manhajar hira ba, don tana matse hoto ta cinye ƙananan rubutu. Da igiya ya haɗa wayar da kwamfuta ya kwaso na asali, ya ajiye shi gefe, ya yi kwafi ya hau aiki a kansa. Afra'u a kan tabarma ta shimfiɗa takardar, ta ɗauka daga gefe, shi ya sa saman ya tsuke, ƙasan ya baje, ga inuwar hannunta da ta wayar kwance a kai. Ya fara juya hoton kaɗan-kaɗan har layukan suka kwanta daidai. Ya kama kusurwoyin takardar huɗu ya ja su, ta miƙe kamar an ɗauke ta daga sama. Sannan ya yanke tabarmar da yatsan ƙafar wani da ya shigo ciki, amma ya bar ɗan gefe ko'ina don a ga inda takardar ta ƙare.

Gwadabe ya matso da kujera. "To, yanzu ta zama takarda."

Lukman ya cire launi, ya ƙara wa baƙi ƙarfi a kan fari. Saman ya fito tas: sunan Bappa, sunan mahaifin Gwadabe, iyakokin gona daga tsamiya zuwa bakin rafi. Ƙasan kuwa sai ƙara duhu yake. Ya koma baya, ya zaɓi wurin inuwar shi kaɗai, ya ɗaga haskensa a hankali, don in aka yi gaggawa tawadar da ta koɗe sai ta ɓace tare da inuwar. Dangwalen yatsu uku na shaidu suka fara bayyana. A samansu akwai layi biyu.

Ya karanta a zuci. Ya ƙara girman wurin ya sake karantawa, yana fatan ko idonsa ne. Harufan sun ɗan dushe, amma ba wanda ya ɓata.

"Me ta ce?"

Lukman ya karanto masa. "Ta ce, wannan gona aro ce ba sayarwa ba, duk ranar da mai ita ko magadansa suka nema za a mayar musu."

A waje wani mai Keke Napep yana ta kiran fasinjan Kibiya.

"Baba bai taɓa faɗa min ba," in ji Gwadabe. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Yanke wurin."

"In na yanke, shaidun ma sun tafi, Kawu. Suna ƙasansa. Ba wanda zai karɓi takardar da ba shaidu."

"To mayar da duhun a kan layin nan. Ai da duhunsa ya zo. Ba kai ka sa shi ba."

"Kawu..."

"Mutum goma sha ɗaya ke ci a gonar nan, Lukman. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Lukman ya koma kan kwafin, ya bar hasken a kan dangwalen shaidu, ya saukar da shi a kan layi biyun har suka nutse. Ya sassauta gefen duhun don ya yi kama da inuwa ta gaske. Ya buga kwafi biyu. Da yake miƙawa bai iya kallon fuskar kawunsa ba, shi ma kawun bai kalle shi ba.

Ranar Alhamis ya rufe shago ya je zaman. A zauren dagaci aka karanta takardar, dattawa suna gyaɗa kai. Sai Murtala, babban jikan Bappa, wanda malamin sakandare ne, ya nemi a miƙo masa. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa.

"Ranka ya daɗe, inuwar nan ta ba ni mamaki. Ta rufe layi biyu cif, ta tsallake shaidun da ke manne da su. A ba mu hoton da aka fitar da ita daga ciki."

Wayar tana aljihun Gwadabe. Dagaci ya miƙa hannu, ba yadda za a yi a hana shi. Murtala ya buɗe hoton, ya ja haske da ɗan yatsa, ya buɗa wurin. Bai fito da kyau kamar na Lukman ba, amma kalmar aro ta karantu, kuma mutum uku suka karanta ta ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya gyara wannan takarda?" in ji dagaci.

"Ni ne," in ji Lukman daga bakin ƙofa.

"Ka ga layin?"

"Na gani."

Dagaci ya juya ga Gwadabe. Ya ce tun jiya ya yi magana da magadan, sun yarda ko me takarda ta nuna za su bar masa ɓangaren rafi saboda daɗewarsa a wurin. Ya dubi Murtala. Murtala ya girgiza kai alamar sun fasa, ƙannensa ma suka girgiza. Abin da aka iya samu kawai shi ne a bar shi ya girbe abin da ya shuka.

Labari ya riga Lukman isa Rano. Malaman kotu biyu da ke kawo masa aiki suka koma wani shago. Da kaka Lukman ya je Unguwar Gai taya yankan dawa. Kawunsa ya amsa gaisuwarsa, ya miƙa masa lauje, suka yi ta aiki har la'asar. Da aka ɗaure damin ƙarshe, Gwadabe ya sa Afra'u ta tattaro tsofaffin fartanyun da ke bukkar gona. Bazara na yi, Gwadabe ya tafi garin Kahu neman ƙwadago a gonakin mutane.